Jawabin daji a asambuli: yadda wata ɗaliba ta rushe takardarta ta sake ginawa

Asalin lamarin

Makarantar sakandare ce ta jeka-ka-dawo a kudancin jihar Kano, a garin da motocin itace da gawayi ke ratsawa kullum suna nufar birni. Ni ne malamin labarin ƙasa, kuma ni ke kula da ƙungiyar muhalli ta ɗalibai. A ƙarshen watan Mayu shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya ce yana son ɗalibi ya yi jawabi a asambuli ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya, a kan dalilin kare dazuzzuka saboda ruwan sama da ƙasar noma. Ya ba mu minti bakwai.

Na zaɓi wata yarinya 'yar aji biyar mai murya a buɗe, wadda ba ta jin tsoron taro. Mahaifinta manomi ne, da rani kuma yakan saro itace ya sayar. Wannan ban sani ba a lokacin. Na ba ta kwana shida, na ce ta rubuto ta kawo mini in duba.

Filin asambulinmu fako ne, ƙafafun ɗalibai sun daddaɓe shi shekara da shekaru. A gefensa akwai darbejiya guda huɗu da ake share ƙarƙashinsu tas kowace safiya, a tara ganyen a cinna masa wuta. Can bayan ajujuwa, jikin katanga, akwai wani lungu mai tsamiya da gawo da 'yan sabara inda tsintsiya ba ta zuwa, nan Baba maigadi yake ɗan shuka kuɓewa da yakuwa.

5 ga Yuni: jawabi na farko

Ta kawo shafi uku da Turanci, yawancinsa daga littafin aji. Na gyara nahawu, na ce ta haddace. Jigon takardar shi ne bishiya tana jawo hadari, sare daji ne ya kawo fari, masu saran itace kuma su ne maƙiyan ƙasa. Ta lissafo amfanin daji guda goma sha biyu a jere.

Da safen ta hau dandamali ta fara da kyau. Kafin ta kai amfani na biyar 'yan aji ɗaya sun shiga hira, firifet suna zagayawa da bulala. Da ta zo kan masu saran itace, wani yaro daga layin baya ya ɗaga murya ya ambaci sana'ar babanta, aka yi dariya. Ta tsaya, layin ya ɓace mata, ta tsallake sakin layi guda ta rufe. Ta yi minti tara, an tafa mata tafin al'ada.

Da aka shiga aji na tambayi ɗalibai goma daga azuzuwa daban-daban abin da suka riƙe. Bakwai sun ce "a dasa bishiya", sauran suka yi shiru. Na tambayi bakwai ɗin ta wace hanya bishiya ke taimakon ƙasa, babu wanda ya iya faɗa.

Da tsakar rana Baba maigadi ya tare ta a bakin ƙofa, ina tsaye. Ya ce, "'Yata, kin yi ƙoƙari. Amma ina da tambaya. Lokacin farin 1973 ina saurayi, dajin nan cike yake, da rana ma ba ka shiga kai kaɗai, ga shi ruwa ya ƙi. Yanzu an sare fiye da rabi, bara kuwa ambaliya muka yi. To bishiyar ce ke kawo ruwan ko wani abu ne daban?" Ta juyo ta kalle ni. Na ce, "Baba, ka ba mu kwana biyu."

Washegari na roƙi shugaban makaranta ya sake ba mu dama ranar 17 ga Yuni, Ranar Yaƙi da Kwararowar Hamada da Fari, kuma ya bar ta ta yi da Hausa. Ya amince, amma ya rage lokacin zuwa minti biyar.

6 zuwa 9 ga Yuni: amsar tambayar Baba

Mun zauna da ita sau uku bayan an tashi, muka bi zancen ruwan sama daga tushe. Ruwan daminarmu daga teku yake tasowa. Iskar da ke busowa daga kudu maso yamma tana kwaso danshi daga Tekun Atalantika ta gaɓar Gini, ta yi ta hawowa arewa, shi ya sa Fatakwal ke samun ruwa tun Maris, mu sai wajen Yuni, marka kuma sai Agusta. A 1975 wani masanin yanayi, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa idan aka tuɓe wa ƙasar Sahel ciyawa da itatuwa, farar ƙasar tana mayar da hasken rana sama, hakan ya rage tasowar hadari. An daɗe ana koyar da wannan. A 2003 wata masaniyar yanayi, Alessandra Giannini, da abokan aikinta suka nuna cewa babban abin da ya jawo farin shekarun 1970 da 1980 shi ne sauyin ɗumin ruwan tekuna, ciyayi da itatuwa kuma suna ƙara abin ko su sassauta shi ne kawai. Wato Baba yana da gaskiya. Daji a tsaye yake, fari ya zo.

Ta ce, "Malam, ke nan ƙarya na faɗa wa mutane?" Na ce rabin magana ta faɗa, kuma ni na duba takardar na bar ta haka. Daji yana da hannu a ruwan sama, sai dai hannun yana da tsawo. Saiwar bishiya tana zuƙo ruwa daga ƙasa, ganye ya fitar da shi tururi ya koma cikin iska, iskar ta ɗauke shi gaba ya sake sauka a wani wuri mai nisa. A dajin Amazon kaso mai yawa na ruwan da ke sauka, dajin ne da kansa ya mayar da shi sama. Wani bincike da aka buga a 2012, da aka yi da bayanan tauraron ɗan'adam, ya gano cewa a mafi yawan ƙasashe masu zafi iskar da ta yi 'yan kwanaki tana ratsa daji mai kauri tana zubar da ruwa aƙalla ninki biyu na wadda ta ratso fili. Iskar daminarmu kuwa sai ta bi ta kan dazuzzukan kudu da na tsakiyar ƙasa kafin ta iso mana. Don haka dajin da ake sarewa can nesa ya shafi hadarinmu, namu kuma ya shafi na mutanen da ke arewa da mu. Amma bishiya ashirin a harabar makaranta ba za su sa a yi ruwa a kan makarantar ba, kuma duk wanda aka yi wa wannan alkawari, ranar da ya ga bai cika ba zai watsar da sauran maganar gaba ɗaya.

A nan muka yanke shawarar raba jawabin gida biyu marasa daidai. Ruwan sama zai samu minti ɗaya, a faɗi iyakar abin da ke gaskiya. Sauran lokacin na ƙasa ne, domin abin da bishiya ke yi wa ruwa bayan ya sauka kowa yana iya gani da idonsa a damina ɗaya. Amfani goma sha biyun nan muka zubar da su duka.

10 ga Yuni: gwajin da bai yi ba

Muna son a nuna wa taro abin a fili. Muka samo tsofaffin jarkoki uku, muka yanke gefe ɗaya na kowace ta zama kamar kwami, bakinta yana ƙasa don ruwa ya fita. Yara suka haƙo ƙasa daga wuri guda, suka marmashe ta suka cika jarkokin, aka bar ɗaya tsirara, aka watsa busasshen ganye a kan ta biyu, aka dasa ciyawa a ta uku. Ta ɗauki buta ta zuba.

Duka ukun suka shanye ruwan farko, domin ƙasar da aka marmashe sako-sako ce kamar garin tuwo. Da ta ƙara, bakin butar ya huda rami, ganyen ya taso ya bi ruwa ya toshe bakin jarka, ciyawar da aka dasa ɗazu ta kwanta. Abin da ya fito daga ukun duk laka ce iri ɗaya. Ga shi kuma kowace jarka da irin karkatarta, wata a kan dutse, wata a kan takalmi. Da mun kai wannan gaban asambuli, da mun nuna wa ɗalibai cewa ganye ba ya hana komai.

11 zuwa 13 ga Yuni: gyaran gwaji

Abu huɗu muka canza. Ba mu sake marmasa ƙasa ba, muka sa shebur da adda muka yanko ta dunƙule yadda take a wurinta, da ɓawonta da saiwoyinta, kaurin kusan santimita 10, muka zura a jarka muka toshe gefuna da laka don kada ruwa ya zurare ta nan. Muka yanko ɗaya daga filin asambuli, ɗaya daga ƙarƙashin darbejiyar da ake sharewa, ɗaya daga lungun Baba. Kowace jarka muka ɗora bayanta a kan bulo ɗaya iri ɗaya, muka huda mata 'yan ramuka a ƙasa don ruwan da ya nutse ya samu mafita dabam. Maimakon buta, muka huda gindin babban gwangwanin tumatir da ƙaramar ƙusa, ana riƙe shi daidai ƙugu ya yi yayyafi.

Sai lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Fuskar jarkarmu santimita 50 ce a tsaye, 30 a kwance, wato murabba'in mita 0.15. Lita 3 a kanta daidai yake da ruwan milimita 20, irin ruwan da manomi ke cewa an yi ruwan shuka. Muka zuba lita 3 a kowace, muka tara abin da ya gangaro a farar robar ruwa.

Ta filin asambuli ta zubo kusan lita 2, ja jawur, da muka ajiye ta rabin sa'a laka ta kwanta a gindi kaurin yatsa. Ta lungun Baba ta daɗe ba ta fitar da komai ba, daga baya ta ɗiɗɗigo abin da bai kai rabin lita ba, launin shayi marar madara, kana hango hannunka ta cikin robar. Mun maimaita sau uku da sababbin yanka, adadin yana ɗan motsawa amma tsarin bai canza ba.

Ta ƙarƙashin darbejiya ce ta ba mu mamaki. Kusan daidai ta fito da ta fili. Yarinyar ta ɗauka mun yi kuskure, muka koma wurin muka tsugunna. Ƙasar a daskare take, sumul kamar an yi mata daɓe. Saiwoyin bishiyar sun fito waje, muka auna, wata ta kai taƙi guda sama da ƙasa, alhali saiwa a binne take girma. Akwai kuma 'yan tsakuwa da ke zaune kowace a kan ɗan ginshiƙin ƙasa mai tsawon farce, ruwa ya cinye kewayensu ya bar abin da tsakuwar ta kare. Daidai inda rassa suka ƙare ga jerin 'yan ramuka inda ɗigo ke faɗowa.

Na bayyana mata abin da ke faruwa. Babban ɗigon ruwa yana faɗowa da gudun da ya kai mita 9 a daƙiƙa, ya daki ƙasa ya farfasa dunƙulenta, garin ya toshe ƙofofin da ruwa zai bi, sai fuskar ta yi ɓawo. Daga nan ruwa ba ya shiga, gudu yake yi, yana tafiya da ƙasar sama wadda ita ce mai taki. Doguwar bishiya tana tara ƙananan ɗigo a ganye su zama manya, su faɗo daga sama, idan ba abin da zai tare su a ƙasa dukan da suke yi bai fi na fili sauƙi ba. Abin da ke kare ƙasa a daji shi ne shimfiɗar da ke ƙasa: ganyen da ya zube, ciyawa, ƙananan itatuwa, da ramukan da gara da tana da ruɓaɓɓun saiwoyi suka bari. Muka tona yankan lungun Baba, ga shi baƙi-baƙi, yana warin ƙasar jiƙa, duk hudoji. Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ashe mu da tsintsiya muke sare namu dajin."

14 zuwa 16 ga Yuni: sabuwar takarda

Wannan karon ba ta rubuta jimloli don haddacewa ba. Kati ɗaya ta riƙe mai layi biyar. Muka zaɓi lissafi biyu kacal. Na farko: ruwan milimita 20 a hekta guda lita 200,000 ne, durom dubu na lita 200. Na biyu: idan ruwa ya kankare ƙasa kaurin milimita 1 daga hekta guda, abin da ido ba ya gani, ya kwashe kubik mita 10 na ƙasa, wato kusan tan 15, lodin tifa.

Misali na kusa muka ɗauko daga dajin Falgore, wanda Kogin Kano ke bi ta cikinsa kafin ya zuba a madatsar Tiga. Ƙasar da ruwa ya wanko daga gangaren da aka sare ba ɓacewa take ba, a gindin madatsa take kwanciya ta rage wurin ajiyar ruwan da masu noman rani na Kadawa suke jira.

Zancen masu itace ne ya fi ɗaukar mu lokaci. Ta ce ba za ta sake zagin sana'ar da ke biya mata kuɗin littafi ba, kuma kowane gida a garin da itace ko gawayi yake girki. Na ba ta labarin Maraɗi. Daga 1983 wani masanin aikin gona, Tony Rinaudo, da manoman yankin suka fara abin da ake kira sassaben zamani: kututturen da ke gona yana tohowa kowace shekara, maimakon a sassabe shi duka a ƙone, sai a zaɓi reshe biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a bari, a datse sauran. Da yake tsohuwar saiwa tana nan da ranta a ƙasa, tohon yana girma da sauri fiye da dashe kuma ba ya neman ban ruwa. An ƙiyasta cewa a Maraɗi da Damagaram abin ya kai hekta miliyan 5 da bishiya kusan miliyan 200, kuma rassan da ake datsewa su ne itacen girkin gida. Ta tambayi babanta a kan gawo, ya gaya mata abin da kowane manomi ya sani, cewa gawo yana zubar da ganye da damina don haka ba ya yi wa gero inuwa, kuma geron gindinsa ya fi na ko'ina kai.

17 ga Yuni: jawabi na biyu

An jera jarkoki uku a kan benci a gaban dandamali. Bayan sallama da gaisuwa ga shugaban makaranta da malamai, ta kira yara uku daga aji ɗaya, ta ba kowa gwangwani. Ba ta ce komai ba har suka gama zubawa. Ta ɗaga robar farko sama. "Wannan daga inda kuke tsaye muka yanko ta." Ta ɗaga ta uku. "Wannan daga lungun Baba." Sannan ta riƙe ta tsakiya ta tambaya wa zai faɗi daga inda ta fito. Aka yi ta cewa fili. Ta nuna darbejiya da hannu, layuka suka juya gaba ɗaya.

Ga yadda ta faɗi ɓangaren ruwan sama, na rubuta a lokacin: "Kwanan baya na ce muku bishiya ce ke kawo ruwa. Baba ya tambaye ni, na kasa amsawa. Ruwa na Allah ne, daga teku iska take ɗauko mana shi, dazuzzukan da ke kan hanya suna ƙara mata danshi. Bishiyarmu ta nan ba za ta kira hadari ba. Amma in ya sauka, ita da ganyenta za su sa ya zauna a ƙasarmu ko ya gudu da ita."

Ta kawo durom dubu da tifa guda, ta kawo Tiga, ta rufe da cewa babanta mai itace ne, kuma ya yi mata alkawarin barin toho uku a kan kowane kututturen sabara da kalgo a gonarsu bana. Abu ɗaya ta roƙa: a daina ƙona ganyen shara, a riƙa zuba shi a gindin bishiyoyi. Ta yi minti shida. Babu wanda ya yi dariya.

Na sake tambayar ɗalibai goma. Takwas sun iya bayyana dalilin da robar farko ta yi ja, shida sun tuna durom dubu. Zancen teku da iska mutum uku ne kawai suka riƙe.

Yuli zuwa Oktoba

Shugaban makaranta ya yarda da rabin roƙon. Ya ce tarin ganye kusa da aji zai tara kunama da maciji, gara kuma tana iya hawa rufi, kuma damuwarsa a kan hanya take. Aka kewaye darbejiya biyu mafi nisa da duwatsu, faɗin taku uku daga gindi, ana zuba shara a ciki bayan an tsince leda. Biyun da ke kusa da ajujuwa aka ci gaba da share su.

A farkon Oktoba muka ɗaga ganyen. Ƙasar ta yi duhu, yatsa yana shiga, ga hudojin gara. Muka yanko daga nan da kuma daga gindin wadda ake sharewa muka maimaita gwajin lita 3. Ta cikin duwatsu ta zubo ƙasa da rabin abin da ɗayar ta zubo. Saiwoyin da suka fito waje suna nan yadda suke, ƙasar da ta tafi ba ta dawo ba. Motocin gawayi ma ba su ragu ba.

Yadda na auna lamarin

Jawabi na farko ya faɗi ne tun a kan teburina, ranar da na gyara nahawu na bar da'awar da ban bincika ba. Ya ɗora nauyinsa a kan ruwan sama, ɓangaren da ya fi wuyar tabbatarwa kuma dattijo mai tuna 1973 zai iya rushewa da tambaya ɗaya, ya kuma ɗora laifi a kan iyayen masu sauraro. Na biyu ya yi aiki domin ya sa nauyin a kan ƙasa, ya nuna kafin ya faɗa, kuma abin da ya roƙa yana hannun ɗalibai da tsintsiyarsu. Ina ganin amincewar da ta yi a gaban taro cewa ta yi kuskure ita ta sa aka saurari sauran.

Gwajin jarka yana da iyaka, kuma na gaya wa 'yan ƙungiya haka. Yana nuna bambancin fuskar ƙasa, ba ya auna zaizayar gona ta gaskiya, inda tsawon gangare da ƙarfin ruwa ke canza komai. Mun kuma bar wani abu da ya kamata a faɗa: bishiya ita ma tana shan ruwa, kuma bishiyar turare da aka cusa da yawa kusa da fadama tana iya rage ruwan ƙasa, don haka irin bishiya da tazararta suna da muhimmanci. Minti biyar bai ɗauki wannan ba.

Ɓangaren ruwan sama har yanzu bai zauna ba, uku cikin goma kaɗan ne. Abin da ba a gani da ido yana buƙatar nasa gwajin. Mun shirya a zango mai zuwa za mu ɗaura farar leda a kan reshen darbejiya mai ganye tun da safe, mu ɗaura wata a kan busasshen reshe, a kwance su a gaban asambulin washegari a ga wadda ta tara ruwa.